Kundi ɗaya, hannu biyar: yadda ake tsare suna, tsokaci da izini a Google Slides

A ce wata ƙaramar ƙungiya a Damagaram tana shirya kundin gabatarwa mai shafi 18, irin wanda ake haskawa a majigi, don ta nuna wa mai ba ta tallafi a Yamai aikin da ta yi a shekara. Mutum biyar ke da hannu a ciki. Sakatare ne ke tsara rubutu, ma'aji na sa alƙaluman kuɗi, akwai jami'in aiki ɗaya a Mirriya da wani a Magarya masu kawo hotuna da adadin mutanen da aikin ya shafa, sai shugaba, wanda nasa shi ne ya karanta ya ce e ko a'a. Matsalar da ta fi kama irin wannan aiki ita ce ranar gabatarwa a tarar da kundi uku ko huɗu, kowane da gyaran da sauran ba su da shi, ba wanda zai iya rantsuwa a kan wanne ne na gaskiya.

Tushen abin shi ne Google Drive bai san fayil da sunansa ba. Da wata doguwar lamba ya san shi, wadda ke cikin linkin, tsakanin `/d/` da `/edit`. Ko sau goma aka canza wa kundi suna, linkin na nan yadda yake, duk wanda ya latsa shi wuri ɗaya zai faɗa. Haka kuma Drive yana yarda fayil biyu su zauna a folda ɗaya da suna iri ɗaya sak, abin da Windows ba ya yarda da shi. Saboda haka ganin suna ɗaya a wayar sakatare da wayar ma'aji ba hujja ba ce cewa kundi ɗaya suke gyarawa. In ana shakka, kowa ya kwafo linkinsa a dubi haruffa biyar ko shida na ƙarshen lambar. In sun bambanta, kundin ya rabu biyu.

Hanyoyin rabuwar sanannu ne. Jami'in Magarya ya ga rezo na yankewa, sai ya sauke kundin a matsayin `.pptx`, ya gyara a PowerPoint, ya turo ta WhatsApp. Daga lokacin da ya sauke, abin da ke hannunsa ya daina jin abin da sauran ke yi. Ko kuma wani ya shiga Fichier ya latsa Créer une copie don ya gwada wani tsari, ya manta ya ci gaba da aikinsa a can. Hanya ta uku ta fi ɓoyuwa. In asalin kundin `.pptx` ne da aka ɗora a Drive, Slides yana buɗe shi yadda yake, da ƴar alamar `.PPTX` kusa da sunan. Wanda ya zaɓi a mayar da shi tsarin Google Slides, sabon fayil ake yi masa mai sabon linki, tsohon kuma yana nan, waɗanda ke da tsohon linki suna ci gaba da aiki a cikinsa. In za a yi wannan juyin, a yi shi ranar farko kafin a raba wa kowa linki, a kuma ɗauke tsohon daga foldar aiki.

Da wannan a zuciya, maganar suna ta zo da sauƙi, don iri biyu ne kawai na fayil. Akwai kundin da ake aiki a kansa, shi ɗaya ne tal, akwai kuma hotunansa da ake fitarwa a aika waje, galibi PDF, waɗanda ba a sake taɓa su. Kundin aiki ba ya son kwanan wata a sunansa, ba ya son lambar siga, balle kalmar "final". Dalili kuwa kullum canzawa yake yi: kwanan watan da aka sa masa ran Litinin ya zama ƙarya ran Talata, kuma mutum na ganin `v2` zai ɗauka aikinsa ne ya haifar da `v3`. Waɗanda ake aikawa su ke ɗaukar kwanan wata da sunan wanda aka aika wa:

```
AIKI_rahoton-2024_gabatarwa
2025-03-04_rahoton-2024_shugaba.pdf
2025-03-11_rahoton-2024_mai-tallafi.pdf
```

Shekara a gaba, sai wata, sai rana, kowane da lambobinsa cikakku: tsarin ISO 8601 ke nan. Amfaninsa shi ne jerin haruffa ya zama jerin lokaci, fayiloli su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. In aka bi yadda muka saba rubutawa a takarda, rana a gaba, 02-04-2025 zai hau kan 11-03-2025 alhali Afrilu bayan Maris yake. Sifilin gaba ma ba ado ba ne, don manhajoji da yawa in suna jera suna sukan sa 10 kafin 2, amma ba sa sa shi kafin 02. Sannan kada a raba kwanan wata da sandar `/`. Drive zai karɓa, amma Windows ya haramta waɗannan a sunan fayil:

```
\ / : * ? " < > |
```

Ranar da aka sauke fayil ɗin za a musanya su da wata alama, sunan da ke kwamfuta ya saɓa da wanda ke Drive. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, da na Faransanci masu alama a ka, suna zama lafiya a cikin shafukan kundin, kuma can ya kamata a rubuta su daidai. A sunan fayil dai gara a bar su, don wani zai nemi "kudi" a akwatin bincike alhali "kuɗi" aka rubuta, wani lokaci kuma sukan rikiɗe in fayil ya bi ta zip ko tsohuwar na'ura. Abu na ƙarshe a kan suna: allon waya yana yanke dogon suna ya bar farkonsa kawai. Abin da ke bambanta fayil da ɗan'uwansa shi za a sa a gaba, ba sunan ƙungiya da duk fayilolin ke ɗauke da shi ba.

Mai tambaya zai ce, to in ba a yin `v1` da `v2`, ina za a samu kundin jiya in na yau ya lalace? Yana cikin Fichier, a Historique des versions. Slides yana ajiye canje-canje da kansa, da sunan wanda ya yi kowanne da lokacin da ya yi. Sai dai sigogin da ba a raɗa wa suna ba akan haɗe su wuri ɗaya bayan an daɗe, don haka a duk mataki mai muhimmanci sakatare ya shiga ya sa wa sigar lokacin suna: "kafin ma'aji ya sa alƙaluma", "wadda shugaba ya karanta", "wadda aka aika Yamai". Kundin gabatarwa ɗaya yana ɗaukar sigogi 40 masu suna, wanda ya ishi aikin shekara. A kwamfuta ake wannan aikin, ba a manhajar waya ba, kuma sai mai izinin gyara ke ganin tarihin.

Akwai tarko a nan. A ce ran Alhamis aka lura shafi na 9 ya ɓace tun Talata. Hannu zai yi saurin zuwa maɓallin maido da sigar Talata, amma maɓallin nan kundin gaba ɗaya yake mayarwa baya, har da hotunan da jami'in Mirriya ya ɗora ran Laraba da alƙaluman da ma'aji ya gyara da safe. Ba su salwanta ba, suna cikin tarihi, amma sun fita daga kundin da kowa ke gani. Abin yi shi ne a buɗe sigar Talata, a yi kwafenta daga ɗigo ukun da ke gefenta, a ɗauko shafi na 9 kaɗai a liƙa a kundin aiki, sannan a goge kwafen nan take kafin wani ya fara aiki a cikinsa.

Sai izini, inda ɓarna ta fi tsada. Maɓallin Partager yana da matsayi uku. Lecteur yana kallo kawai, ba ya ganin tsokacin da ake yi. Commentateur yana kallo, yana karanta tsokacin kowa, yana rubuta nasa, amma ba ya taɓa shafi. Éditeur yana iya komai a cikin kundin: ya goge shafuka, ya canza sunan fayil, kuma in ba a hana ba, ya gayyato wasu ko ya canza izinin waɗanda ke ciki. Wannan na ƙarshen a kunne yake zuwa. Mai kundin ne zai latsa alamar saiti a saman akwatin Partager ya cire alamar da ta ba masu gyara ikon rabawa. A wurin ne kuma ake hana masu kallo da masu tsokaci saukewa da bugawa da kwafa. Wannan hanin yana rage yawo da kundi, amma ba ya hana mutum ɗaukar hoton allo.

A misalinmu, mutum huɗu ke buƙatar Éditeur: sakatare, ma'aji da jami'an aiki biyu. Shugaba Commentateur ya dace da shi. Mun san wannan yana da nauyin faɗa, don ana ganin kamar an rage wa babba matsayi ne. Amma Slides ba shi da tsarin ba da shawarar gyara irin na Google Docs, inda ake ganin abin da aka canza a karɓa ko a ƙi. A Slides duk abin da mai gyara ya taɓa ya taɓu, kuma mai karatu a waya cikin mota yana iya jan akwatin rubutu da yatsa bai sani ba. Sakatare zai iya cewa, "Ranka ya daɗe, ka rubuta mana abin da kake so a gefe, mu za mu shigar," kuma hakan ya fi kare maganar shugaban kansa, tunda a rubuce take da sunansa.

Ƙarƙashin jerin sunaye akwai izinin gama-gari. In yana kan Limité, sai waɗanda aka sa adireshinsu ke shiga. In aka mayar da shi na duk mai linki, to linkin ya zama mabuɗi, duk hannun da ya faɗa zai buɗe. Haɗa "duk mai linki" da Éditeur shi ne mafi munin zaɓi, kuma shi aka fi yi, don shi ne ke kashe ƙorafin "ba ya buɗuwa" cikin minti ɗaya. Linkin da aka jefa a zauren WhatsApp mai mutum 60 ya ba mutum 60 ikon gogewa, da duk wanda suka tura wa. Alamar da ake gane hakan ita ce ganin hotunan dabbobi marasa suna a saman allo maimakon fuskokin abokan aiki. Waɗannan baƙi ne da suka shigo ta linki, kuma gyaran wanda bai shiga da asusunsa ba yana fitowa a tarihi babu suna, ba yadda za a san wa za a tambaya. Mayar da saitin kan Limité yana rufe ƙofar nan take, amma ba ya dawo da abin da aka riga aka sauke.

Shi kuwa ƙorafin "ba ya buɗuwa", galibi dalilinsa ɗaya ne. An gayyaci mutum da adireshin da ke kan katinsa na aiki, wayarsa kuma da wani asusun Gmail take, watakila wanda mai shagon waya ya buɗe masa ranar da ya saye ta. Drive yana ganin baƙo, sai ya nuna masa shafin neman izini. Maganin shi ne kafin a gayyaci kowa a ce ya buɗe manhajar Drive, ya latsa hotonsa a sama, ya karanto adireshin da ke wurin. In saƙon neman izini ya zo daga adireshin da ba a sani ba, a kira mutumin a tabbatar kafin a amince, a kuma dubi matsayin da saƙon ke nema, don mai nema yana iya neman Éditeur alhali kallo kawai zai yi.

Folda ma tana ba da izini a ɓoye. Duk fayil ɗin da aka sa a foldar da aka raba yana gadon izininta. In foldar ƙungiya a buɗe take ga mambobi 30 a matsayin masu gyara, kundin da aka ja aka sa a ciki ya buɗe musu duka, ko da mutum huɗu aka yi niyya. Bayan an matsar da kundi, a sake buɗe Partager a karanta jerin daga sama har ƙasa.

Sannan a tambayi kai: wa ya mallaki kundin? Wanda ya ƙirƙire shi, kuma wanda ya yi kwafe shi ne mai kwafen. In ɗan sa-kai ne ya fara kundin a asusunsa, ya gama wa'adinsa ya tafi, ranar da ya share Drive ɗinsa kundin zai faɗa Corbeille, bayan kwana 30 ya tafi gaba ɗaya. Ko bai goge komai ba, kundin yana cin wuri ne daga giga 15 na kyauta da asusunsa ke rabawa da Gmail da Google Photos, kuma in wurin ya cika fayilolinsa sukan daina karɓar gyara. Gara tun farko a buɗe kundin daga asusun ƙungiya wanda aƙalla mutum biyu ke iya shiga. In an riga an makara, mai shi ya miƙa mallaka daga jerin Partager, wanda aka miƙa wa kuma sai ya karɓa kafin abin ya tabbata. Asusun ma'aikata ko na makaranta ba ya miƙa mallaka ga asusun Gmail na waje. A nan dole sai kwafe, kwafe kuma ba ya zuwa da tarihin sigogi.

Tsokaci shi ne wurin da ake magana ba tare da an ɓata shafi ba. Madadinsa da aka saba gani, wato rubuta "A GYARA NAN" da jan rubutu a tsakiyar shafi, yana da halin kaiwa har gaban majigi. A kwamfuta ana zaɓar abin da ake magana a kai, akwatin rubutu ko hoto ko tebur, sannan a latsa:

```
Ctrl + Alt + M
```

Zaɓen yana da muhimmanci, don tsokacin yana manne da abin da aka zaɓa, yana bin sa ko an canza wa shafin wuri. Shi ya sa rubuta "duba shafi na 7" a WhatsApp ba ya aiki: da zarar wani ya cusa sabon shafi a gaba, na 7 ya zama na 8. Amma in aka goge akwatin da tsokaci ke manne da shi, tsokacin ma ya bar kan shafin, don haka mai gyara ya canza rubutun da ke ciki, kada ya goge akwatin ya zana sabo.

Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Wannan ba daidai ba ne." Na biyu: "Jimillar nan ta ce sefa 4.250.000, amma layuka ukun da ke sama sun ba da 4.150.000. Ma'aji, wanne ne daidai? Muna so kafin Laraba da azahar." Na farkon sai an kira waya kafin a fahimce shi. Na biyun ya faɗi abin da aka gani, wanda zai amsa, da lokacin da ake jira. Don saƙon ya kai ga ma'aji, a rubuta `@` a bi shi da adireshinsa, imel zai je masa. In aka ƙara latsa akwatin Attribuer à, maganar ta zama aikin da aka ɗora masa, da sunansa a kai har ya ce ya gama. A lura, in wanda aka ambata ba shi da izinin shiga, Slides zai tambaya ko a ba shi, kuma ta wannan ƴar tagar mutane da yawa ke shigowa kundi ba da shawarar kowa ba. Tsokaci ɗaya, magana ɗaya: in aka cusa gyara uku a ciki, za a yi biyu a rufe, na ukun ya bi ruwa.

Wa ke rufe tsokaci? Duk mai gyara yana iya latsa alamar rufewa, shi ya sa ake buƙatar yarjejeniya. Wadda muka ga ta fi tsari ita ce wanda ya yi gyaran ya amsa da "an gyara, 4.150.000 ne", wanda ya ɗaga maganar kuma ya duba ya rufe da kansa. In mai gyara ne ke rufewa, tsokacin yana ɓacewa daga gefen shafi kafin mai tambaya ya gani, sai ya ɗauka an share maganarsa. Rufewa kuma ba gogewa ba ce. Duk abin da aka rufe yana nan a jerin tsokaci da ke saman allo, ana iya karanta shi, ana iya sake buɗe shi.

Wannan ne ya sa ba a ba mutumin waje linkin kundin aiki, ko da da kyakkyawar niyya. In aka sa mai tallafi a matsayin Commentateur don ya faɗi ra'ayinsa, zai iya karanta duk muhawarar cikin gida, har wadda aka rufe, har inda ma'aji ya rubuta cewa rasit ɗin Magarya bai iso ba tukuna. Ko Lecteur aka ba shi, yana ganin bayanan mai gabatarwa da ke ƙasan kowane shafi, inda mutane ke rubuta wa kansu abin tuni irin "kada a daɗe a nan, adadin bai cika ba". Yana kuma ganin shafukan da aka sa a tsallake, don tsallakewa a majigi kawai take aiki.

Ga yadda ranar aikawa ya kamata ta kasance. Da safe sakatare ya bi jerin tsokaci ya tabbatar babu wanda ya rage a buɗe. Ya tambayi jami'an Mirriya da Magarya ko akwai gyaran da suka yi babu rezo, don irin wannan gyaran yana zaune a wayar ne har sai ta samu intanet, kuma yana iya shigowa bayan an ɗauka an gama. Su buɗe kundin inda rezo ke da ƙarfi, shi kuma ya ga gyaran ya bayyana a nasa allon. Daga nan ya sauke kowa daga Éditeur zuwa Commentateur, ya bar kansa kaɗai, ya sa wa sigar suna a tarihi. In PDF za a aika, ya fitar da shi, ya raɗa masa suna mai kwanan wata, ya buɗe shi ya ƙirga shafukan da ido don ya tabbatar wanda aka tsallake bai biyo ba. In mai tallafi ya nace sai kundin da zai iya yin tsokaci a kai, sai a yi Créer une copie, a zaɓi cire bayanan mai gabatarwa, a bar akwatin kwafe tsokaci da na rabawa da mutanen farko babu alama, a goge shafukan da aka tsallake, a sa wa kwafen suna mai farawa da `WAJE_` da kwanan wata. Abin da mai tallafi ya rubuta a can, sakatare ne zai ɗauko shi ya shigar a kundin `AIKI_`. Wanda zai tsaya gaban majigi kuma ya sauke PDF ɗin a kwamfutarsa tun daren jiya, don ɗakin taro ba ya alkawarin rezo.